Littafi ya ce miliyan 1 da dubu 380, akwati ya ce ba haka ba

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu riƙe da littafin adashi ku taimaka min da shawara, ranar Asabar za mu yi rabo kuma lissafi ya ƙi haɗuwa. Mu ashirin ne, duk mata, muna zama duk sati. Abu biyu muke yi a zama ɗaya. Akwai adashin dubu 5, hannu ashirin, mai kwasa ta tafi da dubu 100. Sannan akwai akwati, inda kowa ke sayen kaso na naira 500, daga ɗaya zuwa biyar a sati, a cikinsa muke ba da bashi. Mun yi sati 40, adashi ya zagaya sau biyu, yanzu za mu fasa akwatin kafin azumi. Sakatariyarmu ta tafi gida wankan jego, ni aka miƙa wa littafin. Da na tara abin da aka rubuta, ya kamata a samu 1,380,000. Da muka ƙirga jiya a gaban kowa, 1,290,000 muka gani. Dubu 90 babu.

Anti Ladi: Wa alaikumus salam. Tukuna, kafin a ce babu, akwai wadda ba ta gama biyan bashi ba?

Maman Ilham: Akwai mutum ɗaya, Anti. Dubu 60 ake bin ta.

Anti Ladi: To dubu 30 kuke nema ke nan, ba 90 ba. Sittin ɗin kun san inda take. Ki faɗa min yadda kika kai ga 1,380,000 ɗin, guda-guda.

Maman Ilham: Kaso 2,400 aka saya gaba ɗaya, sau 500, ya ba ni 1,200,000. Ƙarin da masu bashi suka biya 168,000. Tarar latti da ta fashin zama 12,000.

Anti Ladi: Wannan 168,000 ɗin, kuɗin da ya shigo hannu ne, ko har da wanda aka rubuta wa mutum ranar da ya karɓi bashi amma bai kawo ba tukuna? Ina tambaya ne saboda nan ne sakatarori da yawa ke yaudarar kansu. A ba mace dubu 50, nan take a rubuta ribar wata uku a shafin kuɗin shiga, ita kuma ta biya a wata ɗaya a yafe mata sauran da baki. Littafi na nan riƙe da kuɗin da bai taɓa shiga akwati ba.

Maman Ilham: Na duba wannan. Sai ranar da aka kawo take rubutawa, da kwanan wata. Sittin ɗin ma uwar kuɗi ce zalla.

Ummi Mai Turare: Salam, don Allah akwai sauran hannu a adashin? Ina so na shiga amma a ba ni kwasar farko, biki gare ni wata mai zuwa.

Hajiya Babba: Ummi ki karanta daga sama mana. Ba neman mutane ake ba. Kuma ko ana nema, wace uwar adashi ce za ta ba baƙuwa kwasar farko?

Ummi Mai Turare: Au, afuwan Hajiya.

Malam Sabo Tela: Ni dai a ganina cajin masu POS ne. In wasu na turo zubi ta waya, sai an cire kafin a sa a akwati, kuma kowace cira da kuɗinta. Mu a adashinmu na kasuwa haka muka yi ta ganin giɓi, sai da muka sa doka mai turowa ya ɗora kuɗin cira a kai. A 2023 lokacin canjin kuɗi ma abin ya fi muni, kana cire dubu 10 a karɓe maka abin da ya fi dubu.

Anti Ladi: Malam Sabo, yana faruwa, amma giɓin caji ba ya zuwa cif-cif. Za ka ga 27,350 ko makamancinsa. Dubu 30 daidai kuwa, a ƙungiyar da zubin adashinta dubu 5 ne, zubi shida ke nan. Maman Ilham, ki gaya min gaskiya, ranar da wata ba ta kawo zubin adashi ba, me kuke yi wa mai kwasa?

Maman Ilham: Cika mata ake yi ta tafi da dubu ɗarinta. Ba a so a ba mutum guntu.

Anti Ladi: Daga ina ake cikawa?

Maman Ilham: Daga akwati. Uwar adashi ta ce a ara, in ta kawo a mayar.

Anti Ladi: To ga inda za ki fara tono. Kuɗin adashi da kuɗin akwati ba jinsi ɗaya ba ne, ko da a tabarma ɗaya aka zube su. Na adashi ba ya kwana, abin da aka tara yau shi ake miƙawa yau, shafinsa ya tashi babu ko sisi. Na akwati shi ne mai kwana, yana fita bashi yana dawowa. Duk ranar da aka ɗebi dubu 5 daga akwati aka cika kwasa, bashi aka ba wadda ba ta kawo zubi ba, ko an kira shi bashi ko ba a kira ba. Ya kamata sunanta ya shiga shafin bashi a ranar. In ba a rubuta ba, shafin adashi zai nuna an biya dubu 100 lafiya lau, shafin akwati kuma bai san an taɓa shi ba.

Abin da za ki yi yau da dare, ki buɗe shafin adashi, ki bi sati-sati kina ƙirga alamar biya. Duk satin da kika ga alama 19 amma an rubuta mai kwasa ta karɓi dubu 100, ki sa masa ɗigo. Sai ki duba satin da ke biye, ko wadda ta yi fashi ta kawo dubu 10, kuma ko an rubuta cewa dubu 5 ta koma akwati.

Maman Ilham: To bari na yi. Allah Ya saka da alheri.

Hadiza Maraɗi: Ina gaida mutanen Najeriya. Mu nan asusu muke ce mishi, irin na Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta kawo jihar Maraɗi tun 1991. Iyayenmu da sunka fara ba su da boko, ba littahi. Kowace mace tana riƙe da bashin ta kusa da ita a kai, ranar zama ta tashi ta hwaɗi. Kuma kahin a rufe akwati sai an ƙilga abin da ya rage an hwaɗi da ƙarhi kowa ya ji, sati mai zuwa kahin a buɗe a tambayi taro, nawa munka bari? In abin da anka hwaɗi bai yi daidai da na ciki ba, ba a ci gaba da zama. Ku kuna da littahi amma kun bari sai sati 40 kunka ƙilga.

Anti Ladi: Hadiza ta faɗi abin da ya fi duk wanda na faɗa. Layi ɗaya ne a ƙasan shafin kowane sati: abin da aka tarar, a tara da kason da aka saya da bashin da aka dawo da shi da ƙari da tara, a cire bashin da aka bayar yau, ga abin da ya rage. A ƙirga a gani. Da ana haka, dubu 5 ta farko a satinta za a kama ta, lokacin kowa na tuna wadda ba ta zo ba.

Maman Ilham: Namu ba shi da wannan layin sam. Akwatin dai yana da kwaɗo uku, makullai a hannun mutum uku.

Hajiya Babba: Kwaɗo na hana a buɗe a bayan ido ne. Wannan kuwa a gaban idonku aka ɗiba, da yardarku.

Bilkisu Zariya: Ni tambayata daban ce. In an samo kuɗin, ribar dubu 180 ce ko? Ku ashirin, kowa dubu 9, a ɗora mata a kan abin da ta zuba. Mu haka muke yi, ba rigima.

Malam Sabo Tela: Haka ne, tunda tare aka sha wahalar zaman.

Anti Ladi: Bilkisu, ku nawa kowa ke zubawa?

Bilkisu Zariya: Dubu 2 kowa, ba ragi ba ƙari.

Anti Ladi: Shi ya sa ya yi muku daidai. Su nasu wata na sayen kaso ɗaya, wata biyar. Wadda ta sayi biyar duk sati tana da kaso 200, dubu 100 ta ajiye. Wadda ta sayi ɗaya tana da 40, dubu 20. In aka ba kowa dubu 9, mai dubu 20 ta kusa samun rabin kuɗinta riba, alhali kuɗin mai dubu 100 ne aka fi juyawa. Yadda ake yi, a raba duk kuɗin da yawan kaso. 1,380,000 a raba gida 2,400, kowane kaso ya tashi 575. Mai kaso 200 ta karɓi 115,000, mai 40 ta karɓi 23,000. Ribar waccan dubu 15, ta wannan dubu 3.

Bilkisu Zariya: To amma Anti ko wannan ɗin akwai cuta. Wadda ta zuba nata tun satin farko da wadda ta riƙa sayen ɗaya-ɗaya sai da aka kusa rabo ta koma biyar-biyar, duk 575 za a ba su? Kuɗin ta biyun ai bai yi aikin komai ba.

Anti Ladi: Gaskiyarki, kuma ba a kawar da wannan gaba ɗaya ba. Iyakar kaso biyar a sati ita ce ke rage shi, don kada wata ta zo da dubu 200 a satin ƙarshe ta kwashe ribar mutane. Ana iya lissafa wa kowane kaso satuttukan da ya yi a akwati, amma ranar rabo ba wadda za ta iya bin lissafin da idonta, kuma lissafin da mutum ɗaya kaɗai ke ganewa ya fi wannan ƙaramar cutar haɗari. Ni dai na zaɓi wanda kowa zai iya ƙirga hatimin kason da ta saya a katinta ta ninka da kanta.

Malama Rabi: Ku yi haƙuri zan shigo da abin da ba a tambaya ba. Ƙarin nan na 168,000, bashi aka bayar aka karɓi fiye da shi. Wannan ai riba ce ta kuɗin ruwa. Adashin kansa malamai da yawa sun halatta, domin abin da kika zuba shi kike kwasa. Rubuta bashi kuma umarni ne, aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a kansa take. Amma a yi ta gyara lissafin ƙari ba a tambayi hukuncinsa ba, ban ga dacewarsa ba.

Bilkisu Zariya: Malama ai kuɗinmu ne, mu ke biya, mu yake dawowa wa.

Malama Rabi: Ba daidai yake dawowa ba. Wadda ba ta taɓa cin bashi ba tana karɓar 75 a kan kowane kaso, 70 a ciki daga aljihun wadda ta ci. Mu a Islamiyya mun daina ba da kuɗi. In mace na son buhun gyaɗa don ƙuli, ƙungiya ce ke sayo buhun da kuɗinta, ya zama nata, sannan ta sayar mata da farashin da aka yanka, ta biya a hankali. Ko ta yi latti farashin ba ya ƙaruwa. A littafi muna rubuta kuɗin saye, kuɗin sayarwa, da ranakun biya.

Hajiya Babba: Wanda ke son kuɗin makaranta ko na asibiti fa, Malama? Buhun me za a sayo masa?

Malama Rabi: Wannan rance ne ba ƙari, Hajiya. Abin da ta karɓa shi za ta mayar.

Maman Ilham: Malama na ji, kuma akwai mutum biyu a cikinmu da suka daɗe suna wannan maganar. Zan kai ta zaman sabon zagaye. Na wannan karon dai an riga an karɓa, ban san yadda za a yi da shi ba.

Malama Rabi: Ku tambayi malamin da kuka yarda da shi kafin Asabar, ba bayan an raba ba.

Maman Ilham: Anti Ladi na dawo. Na samu gurbi huɗu babu alama, a sati na 9, na 17, na 18 da na 31, kuma duk an rubuta an ba mai kwasa dubu 100. Mata uku ne, ɗaya sau biyu ta yi. Na kira su. Mai sau biyun da ɗayar sun amsa, sun ce sun zaci an cire a kasonsu, za su kawo dubu 15 ɗin. Ta ukun ta ce ta biya, ta turo wa uwar adashi dubu 10 satin da ya biyo, har ta turo min hoton alat. Na kira uwar adashi ta duba, ta ce gaskiya ne, dubu 5 ta cire ta kawo zubin satin, ɗayar ta manta da ita a asusunta. Dubu 20 ta fito ke nan. Saura 10.

Malam Sabo Tela: To goman nan ita ce ta POS.

Anti Ladi: Ƙila, Malam. Amma bari na yi wata tambaya. A cikin hannu ashirin ɗin akwai wanda mutum biyu suka haɗa?

Maman Ilham: Akwai ɗaya. Ita da ƙanwar mijinta, kowa 2,500, amma ƙanwar ba 'yar ƙungiya ba ce, ba ta zuwa. Sunan mutum ɗaya ne a littafi.

Anti Ladi: Rabin hannu gurbi biyu yake buƙata. In ta zo da 2,500 ɗinta ta ce ta ƙanwar na tafe, sakatariya alama ɗaya gare ta, za ta sa ne ko ba za ta sa ba? Yawanci sawa ake yi. Sau huɗu aka yi haka, dubu 10 ce. Ban ce shi ne ba, littafin ba zai nuna miki ba, sai dai a tambaye ta cikin mutunci, a kuma kira mai jego.

Maman Ilham: Na tambaya. Ta ce sau ɗaya take tunawa kuma ta cika daga baya. Mai jego wayarta a kashe.

Ummi Mai Turare: Ba ku da kuɗin taimako? Ku ɗebi goman a ciki a wuce wurin.

Maman Ilham: Muna da shi, naira 100 duk sati, saura dubu 23 a jakarsa daban.

Hajiya Babba: A'a. Wannan na rasuwa ne da haihuwa da gobara. Yau kun toshe giɓi da shi, gobe wata ta yi rashi a ce babu. Kuma irin "a ara a mayar" ɗin ne ya kawo ku nan. In goman ba ta fito ba kowa ya ɗauki nasa. 1,370,000 a raba 2,400, ku yanka 570 a kaso, dubu 2 ta yi saura ku sayi sabon littafi da tawadar hatimi. Mai kaso 200 dubu ɗaya ta rasa.

Maman Ilham: Hajiya ba yawan kuɗin ne damuwata ba. An fara ƙus-ƙus da sunan sakatariya, yarinyar kuma ba ta nan balle ta kare kanta.

Hajiya Babba: To ranar Asabar ki fara da karanta guraben nan huɗu a gaban kowa, da sunan uwar adashi a ciki. In suka ji yadda ashirin ta ɓace ba sata, bakinsu zai yi sanyi a kan goman.

Anti Ladi: Saura mai dubu 60, ita ce babbar. Kasonta nawa, kuma yaushe ta karɓa?

Maman Ilham: Kaso 100. Dubu 80 ta karɓa a sati na 34, na wata uku. Ta biya dubu 20 da ƙarin watan farko. Ta ce ita lokacinta bai yi ba.

Anti Ladi: Kuma ba ta yi ƙarya ba. Wata uku daga sati na 34 sai sati na 46, ku kuma a 40 za ku fasa. Ƙungiya ce ta ba da bashin da ya zarce ranar rabo. In saura wata biyu a yi rabo, ko a rufe ba da bashi, ko a rubuta cewa ranar biyansa sati ɗaya ne kafin rabo, ta sa hannu.

Yanzu hanya biyu ce. Ta farko, a lissafa mata kasonta da farashin rabo, 100 sau 575, wato 57,500, a cire daga 60,000, saura 2,500 ta kawo. Ta biyu, wadda ƙungiyoyi da yawa ke bi, a soke kasonta a farashin saye, 500, tun kafin a raba. Kaso 100 ya biya dubu 50, ana bin ta dubu 10, ba ta da rabo a riba, sauran su raba kuɗin a kan kaso 2,300.

Bilkisu Zariya: Ta biyun ta fi. Wadda ba ta biya ba ta ci riba kuma?

Hadiza Maraɗi: Amma kuɗɗinta sun yi sati talatin da wani abu suna aiki cikin akwati kahin ta ɗauki bashi. Kuma ta biya ƙari, yana cikin ribar da za ku raba. Horon na wadda ta ƙi biya ne, ita ko ba ta saɓa alkawali ba.

Bilkisu Zariya: In aka yi mata sassauci bana, baɗi kowa sai ya ci bashi a ƙarshe ya ce a cire a kasona.

Anti Ladi: Ni ina tare da Hadiza a wannan karon, saboda ranar da aka rubuta mata. Amma ba ni ce mai yankewa ba. Maman Ilham, kuna da dokar ƙungiya a rubuce?

Maman Ilham: Akwai shafi ɗaya a farkon littafi. Tarar latti, tarar fashi, yadda ake ƙuri'ar layin kwasa, da cewa in mutum biyu za su yi musayar layi sai sun sa hannu su biyun. Babu maganar mai bashi ranar rabo.

Anti Ladi: To a kaɗa ƙuri'a a kai kafin a buɗe akwati, kafin kowa ta ga tulin kuɗi. Ki rubuta lissafin biyu a takarda, 2,500 da 10,000, ita mai bashin ta fita waje a yi. Abin da aka zaɓa a ƙara shi a shafin doka a ranar. Sabon littafi kuma ki raba shi, adashi daga gaba, akwati daga baya, ko ma littafi biyu.

Malam Sabo Tela: Ni har yanzu a duba maganar cira. Uwar adashin da ta manta dubu 5 a asusunta, wa ya san sau nawa aka turo mata? A sa ta ciro bayanin asusunta na wata goman.

Hajiya Babba: Wannan kam ka faɗi gaskiya Malam, sai dai wa zai iya tunkarar ta da shi?

Maman Ilham: Ni ba zan iya ba, yayar mijina ce. Zan sa ɗaya daga cikin masu makulli ta yi mata magana gobe. Mai jego kuma na aika ƙanena gidansu da takarda.